Kwadiratik ya tsaya min a wuya, ina gane amsar malam amma ni kaɗai ba na iyawa

Ɗan Kurna: Salam jama'a dan Allah ina neman shawara. Sau biyu ke nan ina zana WAEC lissafi yana kayar da ni, na farko F9 na biyu D7, sauran darussa duk na samu kiredit shi kaɗai ya riƙe ni. Yanzu ina tsaron shagon yayana da rana, da daddare in ɗauki fas kwescin. Matsalata ita ce idan na duba amsar da aka warware a bayan littafi wallahi komai nake ganewa, layi bayan layi har ina gyaɗa kai, amma ina rufe littafin in ɗauki wata tambayar sai kaina ya ɗaure tamau. Jiya na kwashe kusan minti 40 a kan wannan:

```
2x² − 5x − 3 = 0
```

Da fomular x = (−b ± √(b² − 4ac))/(2a) na yi, kalkuleta ta rubuto min `Math ERROR`. Na sake daga farko sai na samu 1.5 da 1, bayan littafi kuma an ce 3 da −1/2. Na ajiye biro na kwanta. Ko dai kaina ne ba na lissafi ba?

Baban Yara: Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa matsalar mantuwa ce wannan, ka riƙa cin zabibi da safe kafin ka karya, sannan ka rage kallon waya da daddare. Yarona ma haka yake yi, a koya masa yau gobe kamar ba a yi ba.

Ɗan Kurna: Na gode Baba amma ba mantuwa ba ce, fomular tana kaina daram ko a barci ka tashe ni zan karanto maka ita.

Injiniyan Samaru: Malam ba wani sirri a lissafi sai maimaici. Ka samu tambayoyi 200 na kwadiratik ka zauna ka murƙushe su, kafin ka kai na 100 hannunka ya faɗa. Duba amsa kuma ka daina shi gaba ɗaya, shi yake kashe ƙwaƙwalwa. Mu lokacinmu yage shafukan amsa muke yi daga bayan littafi.

Malam Mai Alli: Ɗan Kurna kafin a ci gaba da ba ka magani, turo mana abin da ka rubuta jiya kamar yadda yake, kar ka gyara komai. Duka ƙoƙarin biyu.

Ɗan Kurna: To Malam ga shi, kunya dai nake ji

```
na farko:  -5² − 4×2×(−3)  = −1   → √(−1)
na biyu:   25 − 24 = 1
           x = (5 ± 1)/4 = 1.5 ko 1
```

Malam Mai Alli: Madalla. Ka ga yanzu magana ta fito fili, kuma ba kanka ne ba na lissafi ba. Kuskure biyu ka yi, mabambanta, kuma duk a layi ɗaya suka faru, wato wajen b² − 4ac.

Na farko, a ikweshin ɗinka a 2 ne, c −3 ne, b ɗinka kuma −5 ne, to b² yana nufin (−5)×(−5), 25 ke nan. Kai kuma ka danna `-5²` a kalkuleta ba baraket, ita kuma a tsarinta sukwaya take fara yi kafin ta waiwayi mainos ɗin, sai ta ɗauki 5² ta samu 25 ta manna masa mainos, ya zama −25. Ka tara da 24 ka samu −1, ka nemi sukwaya rut ɗinsa, dole ta yi maka ihu. Ba lalacewa ta yi ba, abin da ka tambaye ta ta amsa. Ɗauko ta yanzu ka danna `(-5)²` ka gani.

A na biyu ka gyara wannan da ka, amma ka zubar da mainos ɗin c. 4×2×(−3) ai −24 ne, kuma fomula cewa ta yi a ɗebe shi, 25 − (−24) shi ne 49. Rut ɗin 49 shi ne 7, sai (5 + 7)/4 = 3, (5 − 7)/4 = −1/2. Shi ke nan abin da ya hana ka barci.

Abin da nake so ka lura da shi, da ka duba amsar littafi ka ga 49 ka ce eh haka ne ka wuce. Ba ka tsaya ka tambayi kanka a wane layi ne hanyata ta rabu da tasu ba. Nan ne duk karatun yake, kuma shi kake tsallakewa.

Ɗan Kurna: Kai!! Na danna yanzu wallahi 25 ta ba ni. Shekara nawa ina riƙe da kalkuletar nan ban san haka take ba

Maman Ikram: Hhh ƙanina ba kai kaɗai ba ne. Ni sai da na yi aure na haihu sannan na koma na gyara lissafi don in samu shiga makarantar koyon jinya, kuma abin da ya cece ni wani ɗan littafi ne mai shafi 40 da na ware na kira shi littafin kunya. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta a ciki. Amma bari in gaya maka, watan farko ɓata takarda kawai na yi, don abin da nake rubutawa a gefe shi ne "ganganci", "rashin natsuwa", "ki riƙa lura". Na cika shafi goma da ganganci. To me zan yi da wannan? Ba abin da ya canza. Sai wata ƙawata da ke koyarwa ta duba ta ce ke wannan ai zagin kanki kike yi ba gyara ba, rubuta ainihin layin da kika karkace da abin da kike tunani lokacin da kika rubuta shi.

Da na fara haka sai na ga abin mamaki, kusan duk faɗuwata abu uku ne suke ta dawowa da riga daban daban. Babban cikinsu shi ne idan na ga irin x² = 3x sai in raba da x in ce x = 3 in tafi ina murna, ashe na jefar da x = 0, don ba a raba lamba da sifili kuma ni ban san x ɗin ba sifili ba ne. Sau huɗu na same shi a littafin kafin ya bar ni.

Injiniyan Samaru: Hajiya duk wannan rubuce-rubucen lokaci yake ci. Akwai hanya mai sauƙi ta kama kuskure nan take, ka tara amsoshinka biyu, dole su ba ka −b/a. Idan sun ba ka to ka ci, wuce gaba. Sakan biyar.

Malam Mai Alli: Injiniya gwada dabarar taka a kan amsar da ya faɗi mu gani. −b/a a nan 5/2 ne. Amsarsa ta kuskure 1.5 da 1, tara su.

Injiniyan Samaru: ...2.5. To fa.

Malam Mai Alli: Ka gani, da ya bi ta taka da ya tafi da amsar banza yana ƙirji a buɗe. Dalili kuwa, idan ka tara amsoshin biyu ɓangaren rut ɗin yana cinye kansa ne, ɗaya fulos ɗaya mainos, saboda haka ko me ka kwaɓa a ƙarƙashin rut jimlar ba za ta nuna ba. Wadda za ta kama shi ita ce ninkawa, amsa ta farko sau ta biyu dole ta ba da c/a, wato −3/2. Nasa 1.5 × 1 ya ba da 1.5 ba mainos, an kama ɓarawo. Ko kuma mafi tabbas, mayar da amsar cikin ikweshin ɗin: sa x = 1, 2 − 5 − 3 = −6, ba sifili ba. Dabararka rabi ce, a haɗa ta da ɗayan rabin.

Injiniyan Samaru: Na karɓa Malam, wannan ka kama ni. Amma maganar duba amsa ina nan kan bakana. Wanda bai sha wahalar tambaya da kansa ba ba zai riƙe ta ba.

Malam Mai Alli: Kai da ka riga ka iya, gaskiyarka. Shi da bai iya ba kuma fa? Mutumin da bai san hanyar gari ba ka ce ya yi ta yawo har ya gano, zai gaji ne kawai, in ma ya isa bai san ta ina ya biyo ba. An yi bincike a kan wannan, John Sweller da Graham Cooper a Ostireliya a 1985, da ɗaliban aljabara. Wasu aka ba su tambayoyi zalla su yi ta fama, wasu kuma aka riƙa ba su misali warwararre ɗaya su nazarta sannan tambaya mai kama da shi su yi. Na biyun sun fi saurin gamawa kuma sun fi ƙarancin kuskure a tambayoyi masu kama da waɗanda suka gani. Amma da aka canza fasalin tambayar, ribar ba ta bi su can ba. Daga baya kuma an nuna cewa idan mutum ya ƙware, ci gaba da karanta misalai ba ya ƙara masa, gara ya yi ta warwarewa da kansa. To kai da Ɗan Kurna ba a tasha ɗaya kuke ba, shi ya sa maganinka ba nasa ba ne tukuna.

Ɗan Kurna: To Malam ai misalan nake karantawa tun da can, shi ne abin da na ce ina ganewa amma ba na iyawa. Me ya bambanta?

Malam Mai Alli: Kallo kake yi kamar mai kallon tela yana ɗinki. Ga yadda nake sa ɗalibaina. Ka samu guntun kwali ka rufe amsar gaba ɗaya, ka bar tambayar kawai. Ka rubuta layin farko da kake zaton zai zo, sannan ka ja kwalin ƙasa layi ɗaya tak. Idan ya yi daidai ci gaba. Idan bai yi ba ka tsaya nan, kar ka ja kwalin sai ka iya faɗa da bakinka me ya sa suka yi haka. Bari mu yi da tambayar taka ta hanyar cika sukwaya, tunda WAEC kan ambaci hanyar da take so, idan ta ce da cika sukwaya za a yi kai kuma ka yi fomula, ka yi asarar makin hanya.

```
2x² − 5x − 3 = 0
x² − (5/2)x = 3/2
x² − (5/2)x + 25/16 = 3/2 + 25/16
(x − 5/4)² = 49/16
x − 5/4 = ±7/4
```

Ka duba layi na uku. Faɗa min daga ina 25/16 ta faɗo.

Ɗan Kurna: An raba 5/2 biyu ya zama 5/4 sai aka yi sukwaya ɗinsa. Wannan na haddace. Amma dalilin rabawar gaskiya ban sani ba, a lesin ɗin da na biya kuɗi cewa kawai aka yi haka ake yi, da na tambaya mai koyarwar ya ce lokaci ba zai bari ba.

Malam Mai Alli: To ga ramin da kake faɗawa, kuma kana karanta amsa ba za ka taɓa jin sa ba don idonka yana zamewa ne a kai. Buɗe (x + p)² da hannunka, za ka samu x² + 2px + p². Ka ga lambar da ke manne da x ninki biyu ce ta p. Saboda haka idan kana neman p dole ka raba ta biyu, abin da ya rage kuma don sukwayar ta cika shi ne p².

In kana son ka gan shi da ido, ɗauki misalin Al-Khwarizmi, malamin Bagadaza da ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunan littafin, wajen shekara ta 820. Nasa shi ne x² + 10x = 39. Zana fili mai kusurwa huɗu, tsawo x faɗi x. Raba 10x gida biyu, ka jingina 5x a gefen gabas, 5x a gefen kudu. Za ka ga an bar wani gurbi a kusurwa, 5 sau 5, wato 25. Ka cike shi, filin gaba ɗaya ya zama 39 + 25 = 64, gefensa 8, cire 5 saura 3. Littafin nasa ma da misalai warwararru yake koyarwa, da kalmomi zalla ba alamomi. Shi dai bai ƙirga −13 a amsa ba, kai kuwa idan ka bar ta a jarrabawa za su yanke maka.

Baban Yara: Allah ya ƙara ilimi Malam. Ni tambayata, yaron nawa aji biyar yake a firamare, shi ma wannan kwalin zan saya masa?

Maman Ikram: Baba ba sayarwa ake ba hhh, kwalin sabulu ma ya isa. Amma ɗan aji biyar kar ka ɗora masa littafin kurakurai, zai ɗauka horo ne. Kai ka riƙa lura da inda yake faɗuwa, in jadawalin ninkawa ne ku tsaya a nan.

Na Damagaram: Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Mu nan Nijar wannan b² − 4ac suna gare shi, delta muke ce masa, ana rubuta shi Δ, kuma malamanmu ba sa bari ka cusa shi cikin fomula kai tsaye. Layinsa daban. Ka fara rubuta a, b, c kowanne da alamarsa, sannan delta shi kaɗai, ka duba shi fulos ne ko sifili ko mainos, sai ka ci gaba. Na ga duk kuskuren ɗan'uwa biyu a delta suke, da ya ware masa layi da baraket ina jin da ya gani.

```
a = 2,  b = −5,  c = −3
Δ = (−5)² − 4(2)(−3) = 25 + 24 = 49
```

Kuma wani abu, idan a da c alamarsu ta saɓa, ɗaya fulos ɗaya mainos, delta ba zai taɓa zama mainos ba. To da kalkuleta ta ce maka kuskure, tun nan za ka san hannunka ne ba tambayar ba.

Malam Mai Alli: Na Damagaram wannan ta ƙarshen zan sata in kai aji gobe. Kuma ware layin yana da wata riba a takardar tiyori ta WAEC, don makin hanya daban ne da makin amsa. Idan mai maki ya ga ka zuba lambobi daidai a fomula ka ci na hanya ko da ka yi tuntuɓe a ƙarshe. Wanda ya danna komai a kalkuleta ya rubuto amsa kawai, in ta karkace ba abin da za a ba shi.

Ɗan Kurna: Anti Maman Ikram dan Allah ya ake rubuta littafin, nuna min da nawa kuskuren

Maman Ikram: Ni shafi nake rabawa biyu da rula. Hagu tambayar kawai ba amsa. Dama kuma in rubuta kamar haka: "Na danna -5² ba baraket, na zaci kalkuleta ta san mainos ɗin na cikin sukwaya. Daga yau duk lamba mai mainos da zan zuba a fomula sai ta shiga baraket." Ka ga akwai layin, akwai abin da na zata, akwai abin da hannuna zai yi gobe. Sai in sa kwanan wata. Bayan kwana uku in rufe dama in sake yin tambayar hagu daga farko, in na ci in sa mata alama, bayan mako in sake. Sai ta ci sau biyu a jere nake soke ta. Kar ka kwafe amsar littafi gaba ɗaya a ciki, na yi wannan ma, hannu ne kawai yake gajiya.

Kuma ka bambanta kuskuren hannu da na rashin sani. Na baraket ɗinka na hannu ne, ɗabi'a za ka canza. Na raba biyun nan kuwa rashin sani ne, shi komawa misali yake so. In ka haɗa su a kwando ɗaya sai ka yi ta maimaita babin da ka riga ka iya.

Injiniyan Samaru: To ni tambaya ɗaya. Minti nawa zai yi yana fama kafin a ba shi izinin leƙa amsar? Don in ba a sa iyaka ba na san halin ɗalibi, sakan 30 zai ce ya maƙale.

Malam Mai Alli: Ni nakan ce idan minti goma suka wuce ba ka rubuta sabon layi ba, leƙa layi ɗaya kawai ka rufe ka ci gaba da kanka. Amma ƙiyasina ne daga aji, wani malamin zai ce maka biyar.

Injiniyan Samaru: Goma ta yi kaɗan wallahi. Akwai tambayar da sai ka kwana da ita. Ni har yau waɗanda na kwana da su ne ban manta ba.

Maman Ikram: Injiniya mutumin da ke tsaron shago har isha'i kake cewa ya kwana da tambaya ɗaya? Kai lokacin kana ɗakin kwanan ɗalibai ana dafa maka abinci.

Injiniyan Samaru: Garin kwaki muke jiƙawa Hajiya, ba wanda ya dafa mana komai 😂 Amma ko a ranar Juma'a ya ware guda ɗaya mai tauri ya hana kansa dubawa, wannan dai ba zan janye ba. Kuma littafin kunyar nan a JAMB ba zai cece shi ba, tambaya 180 cikin awa biyu, can sai sauri, wani lokacin ma zuba zaɓin amsoshin cikin ikweshin ya fi warwarewa.

Malam Mai Alli: Ta Juma'ar ban ƙi ba, bayan ya yi makonni yana cin masu kama da misali. JAMB kuma a bari ya haye wannan kogin tukuna. Ɗan Kurna ga ɗaya ka yi yanzu da zafinta, ba leƙe: 3x² + 5x − 2 = 0.

Ɗan Kurna: To na yi. a = 3, b = 5, c = −2, delta (5)² − 4(3)(−2) = 25 + 24 = 49 alhamdulillah wannan karon mainos bai kuɓuce min ba. Rut 7. Amma da na danna sai ta ba ni −3.83, na mayar cikin ikweshin ɗin bai ba da sifili ba ko kusa. Ban duba amsa ba Malam, ga abin da na danna `-5+7÷6`

Na Damagaram: Kar kowa ya gaya masa dan Allah. Ɗan'uwa dubi layin rabawa a fomula, ƙarƙashin wa da wa ya shimfiɗa?

Ɗan Kurna: Innalillahi. 7 kaɗai ta raba da 6. `(-5+7)÷6` ya kamata, 1/3 ke nan, ɗayar −2. Na ninka su −2/3, daidai da c/a. Baraket ne kuma!! Anti wannan sabon shafi zan buɗe masa ko ƙarƙashin na jiya zan sa shi?

Maman Ikram: Ƙarƙashin na jiya, ka sa masa lamba 2 ka zagaye da jan biro. Laraba ka turo mana su biyun ka sake yi.

Ɗan Kurna: In sha Allahu. Bari in je an zo sayen suga, yayana yana harara ta tun ɗazu